Daga Siminti Zuwa Jiragen Shugaban Ƙasa: Ina Rigar Kariyar Nijeriya Ta Tsaya?

A watan Agusta na shekarar 2024 labari ya bazu cewa wata kotu a birnin Faris ta ba wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Zhongshan izinin riƙe jiragen sama uku na fadar Shugaban Ƙasar Nijeriya, saboda bashin da yake bin ƙasar. Jama'a da dama, har da masu ilimi a cikinmu, sun ɗauki abin a matsayin cin mutunci, suna tambaya ta yaya alƙalin wata ƙasa zai sa hannu a kan dukiyar ƙasa mai 'yancin kanta. Tambayar tana kan hanya, amma amsarta ba ta yi mana daɗi ba. Rigar kariyar da muke tsammanin ƙasa tana sanye da ita a gaban kotunan waje ta daɗe da yagewa ta ɓangaren kasuwanci, kuma shari'ar da ta fi shahara wajen yaga ta a Ingila shari'armu ce, ta sayen siminti a 1975. Ra'ayina shi ne, muddin gwamnoninmu da lauyoyinsu ba su gane daga ina wajibi yake hawa kan ƙasa ba, za su ci gaba da ɗaura mana bashi suna zaton akwai garkuwar da babu ita.

Kafin mu shiga shari'ar, ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda. Duniya ba ta da majalisar dokoki da take zartar da doka a kan ƙasashe kamar yadda Majalisar Tarayya take yi a kanmu. Sashe na 38 na dokar da ta kafa Kotun Duniya ya jera inda alƙalai za su duba idan ƙasashe suka yi jayayya, kuma manyan wurare biyu su ne yarjejeniya da al'ada. Yarjejeniya ita ce abin da ƙasa ta amince da shi a rubuce. Ba ta ɗaure kowa sai wanda ya shiga cikinta, amma wanda ya shiga ɗin ba shi da damar fakewa da dokar cikin gidansa don ya ƙi cikawa. Haka Yarjejeniyar Biyana ta 1969 ta tanada a sassa na 26 da 27 da 34. Nijeriya tana cikinta, kuma masanin shari'armu Taslim Elias, wanda daga baya ya shugabanci Kotun Duniya, shi ya jagoranci babban kwamitin taron da ya tsara ta.

Ita kuwa al'ada ba a sa mata hannu. Duk wanda ya san kasuwar Sheme ya san cewa la'adar dillali ba a rubuce take ba, amma baƙon da ya zo sayen sa ba zai ce bai san da ita ba don haka ba zai biya ba. Abin da ya sa ta zama wajibi shi ne kowa yana yi, kuma kowa yana yi ne da sanin cewa haƙƙi ne. Goron da mai saye zai raba bayan an sallama, wannan kyauta ce, in ya hana babu mai kai shi gaban sarkin kasuwa. Haka abin yake tsakanin ƙasashe. Kotun Duniya ta bayyana a 1969, a shari'ar iyakar ƙarƙashin Tekun Arewa, cewa al'ada tana zama doka ne idan an haɗa sharuɗɗa biyu: ƙasashe sun yi ta aikata abu a kai a kai, sannan suna aikata shi bisa imanin cewa doka ce ta tilasta musu. Hatsarin da ke cikin wannan shi ne al'ada tana iya sauyawa a hankali ba tare da an aiko wa kowa da takarda ba, ta kuma hau kan ƙasar da ta yi shiru.

Rigar kariyar ƙasa, wato ƙa'idar da ta hana kotun wata ƙasa yi wa wata ƙasa shari'a, asalinta al'ada ce. Hikimarta ita ce tsara ba ya hukunta tsaransa, kamar yadda hakimi ba ya zama a kan ƙarar hakimi ɗan'uwansa. Kada a haɗa ta da kariyar da sashe na 308 na tsarin mulkinmu ya ba Shugaban Ƙasa da gwamnoni, ko kariyar jakadu, domin waɗannan na mutane ne, wannan kuwa ta ƙasar ce kanta da dukiyarta. A da can kariyar cikakkiya ce, ko me ƙasa ta aikata. Amma da gwamnatoci suka shiga saye da sayarwa da sufurin jiragen ruwa, sai kotunan Beljiyam da Italiya suka fara rarrabe aikin mulki da aikin kasuwanci. Amurka ta bayyana komawarta wannan ra'ayi a 1952, wasu ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a kai a 1972. Ingila dai ta tsaya a kan tsohon ra'ayi, har sai da simintinmu ya iso gabanta.

Ga yadda abin ya faru. A farkon 1975, lokacin da kuɗin man fetur ya cika aljihun gwamnatin Janar Yakubu Gowon, an shiga odar siminti daga waje babu lissafi, mafi yawa ta hannun Ma'aikatar Tsaro. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka da ta binciki lamarin daga baya ta lissafa kwangiloli 109 da 'yan kasuwa 68, na siminti sama da tan miliyan 16, a kan kuɗi kusan dala biliyan 1. Tashar Legas kuwa a lokacin abin da take iya saukewa na siminti bai wuce kimanin tan miliyan 1 a shekara ba. Masu odar sun yi zaton yawancin 'yan kasuwar ba za su cika alkawari ba, sai ga shi sun cika. Zuwa watan Yuli jirage sama da 400 suna jere a teku suna jiran layi, 260 daga cikinsu ɗauke da siminti. Kowane jirgi yana cin tarar jinkiri ta dubban daloli a kullum, simintin yana daskarewa a cikinsa saboda laima, abinci da magunguna kuma sun rasa hanyar shigowa.

Ɗaya daga cikin kwangilolin ita ce ta tan 240,000 a kan dala 59.50 kowane tan, jimla dala miliyan 14.28. Don mai karatu ya hango yawan kayan, buhu miliyan 4.8 ke nan mai kilo 50, ko lodin tirela 8,000 idan kowace ta ɗauki buhu 600, kuma wannan kwangila ɗaya ce tak. Ranar 24 ga Yuli, 1975, Babban Bankin Nijeriya ya ba da takardar lamunin biya wadda ba a janyewa, ta hannun bankin Midland da ke Landan. Ma'anar irin wannan takarda ita ce banki ya yi alkawarin biyan mai kaya da zarar ya nuna takardun lodi, ko da me ya faru tsakanin mai saye da mai sayarwa. Lamunin ya koma hannun wani kamfanin ƙasar Suwizalan mai suna Trendtex, wanda ya fara loda siminti yana turowa.

Kwana biyar bayan ba da takardar, ranar 29 ga Yuli, sojoji suka kifar da gwamnatin Gowon, Janar Murtala Muhammed ya hau mulki. Ya gaji tasha a toshe da bashin da ke ƙaruwa kowace safiya, don haka gwamnatinsa ta hana jiragen siminti tasowa sai da izini, aka kuma umarci bankuna su dakatar da biya. Babu mai hankalin da zai zargi Murtala da wannan mataki, domin ƙasa yake ƙoƙarin ceto. Sai dai kamfanin Trendtex bai ga haka ba. A watan Nuwamba ya maka Babban Banki a kotu a Landan yana neman kuɗin kaya da tarar jinkiri, ya kuma samu umarnin hana bankin fitar da kuɗinsa daga Ingila. Lauyoyin bankin suka ce shi sashe ne na gwamnatin ƙasa mai 'yanci, saboda haka kotun ba ta da hurumi. Alƙalin farko, Mai shari'a Donaldson, ya yarda da su a 1976.

A Kotun Ɗaukaka Ƙara ne labari ya sha bamban. Alƙalai uku suka zauna, Denning da Stephenson da Shaw, suka yanke hukunci a watan Janairun 1977. Dukkansu sun haɗu a kan cewa Babban Banki, bisa dokar da ta kafa shi a 1958, hukuma ce mai zaman kanta da za ta iya kai ƙara a kuma kai ta, ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Wannan kaɗai ya isa ya kashe maganar. Amma Denning da Shaw suka ƙara gaba, suka ce ko da bankin gwamnati ne tsantsa, ba shi da kariya, domin ba da takardar lamuni aikin kasuwanci ne. Lauyoyinmu sun kafa hujja da cewa simintin na gina barikin soja ne, kuma babu aikin mulki da ya fi tsaron ƙasa. Denning ya amsa da cewa abin dubawa shi ne irin aikin da aka yi, ba manufar da aka yi shi dominta ba: gwamnatin da ta shiga kasuwa ta sayi takalman soja ko siminti, dokar kasuwa ce za ta hau kanta. A tamu fahimtar, hakimin da ya shiga kara ya taya sa zai biya kuɗinsa kamar kowa, ko da don hidimar sarauta ya saye shi.

Abin lura a nan shi ne babu wata yarjejeniya da ta ɗaure Nijeriya a kan wannan batu. Ba mu cikin yarjejeniyar Turai ta 1972, ita kanta Birtaniya ba ta kammala shiga cikinta ba a lokacin, kuma majalisarta ba ta yi doka a kai ba. To da me aka kama mu? Da al'ada. Denning ya duba abin da kotunan ƙasashe da dama suke yi, har da wata kotun Jamus da ta ƙi ba Babban Bankinmu kariya a kan wannan siminti a ƙarshen 1975, da dokar da Amurka ta kafa a 1976, ya ce al'adar duniya ta riga ta sauya. Sannan ya ce al'adar duniya tana shiga dokar Ingila kai tsaye, idan ta sauya kotu za ta bi sabuwar, ba sai ta jira majalisa ba. Stephenson bai bi su a wannan gaɓa ba. A ganinsa ba a tabbatar da cewa ƙasashe sun haɗu a kan sabuwar ƙa'idar ba, kuma tsoffin hukunce-hukunce sun ɗaure kotun. Rinjaye dai ya tafi ga biyun. Birtaniya ta mayar da ra'ayin doka a 1978, kotun ƙolinta ta tabbatar da shi a 1981, a shekarar ne kuma kotun Amurka ta ƙi ba mu kariya a shari'ar Texas Trading, duk a kan simintin.

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurara. Masana da yawa daga Afirka da Asiya sun daɗe suna cewa al'adar da ake magana a kai ta Turawa ce, an gina ta muna ƙarƙashin mulkin mallaka, kuma an sauya ta ne daidai lokacin da gwamnatocin ƙasashe masu tasowa suka zama manyan masu saye a kasuwar duniya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Dokar duniya ma ta bar ƙofa ga ƙasar da ba ta yarda da sabuwar al'ada ba, da sharaɗin ta fito fili ta ƙi tun abin yana tasowa, ta kuma dage a kan ƙin. Amma ƙin da ake fara yi ranar da sammaci ya iso ihu ne bayan hari. Ƙasar Sin ce babbar ƙasar da ta fi daɗewa a kan cikakkiyar kariya, har kotun ƙolin Hong Kong ta bi wannan matsayi a shari'ar bashin Kwango a 2011. Ita ma a watan Satumba na 2023 ta kafa dokar da ta cire kariya daga harkokin kasuwanci, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2024. Wanda yake jiran tsohuwar al'ada ta dawo, jiran gawon shanu yake yi.

Kada kuma a fahimci cewa kariyar ta mutu gaba ɗaya. A 2012 Kotun Duniya ta yanke hukunci tsakanin Jamus da Italiya, bayan kotunan Italiya sun karɓi ƙararrakin mutanen da sojojin Jamus suka zalunta a Yaƙin Duniya na Biyu. Babu yarjejeniyar kariya da ta ɗaure ƙasashen biyu tare, saboda haka kotun ta koma ga al'ada, ta ce aikin soja a fagen yaƙi aikin mulki ne, kuma Italiya ta saɓa doka da ta bari aka yi wa Jamus shari'a, duk da munin abin da aka aikata. Wato al'adar da ta tuɓe mu a kan siminti ita ce ta rufe Jamus a kan yaƙi. Iyakar tana tsakanin abin da kowane ɗan kasuwa zai iya yi, kamar saye da cin bashi da haya, da abin da hukuma kaɗai take iya yi, kamar kafa doka da korar baƙo da tura soja.

Shari'ar Zhongshan ta zo mana ta ɗaya ƙofar, wato yarjejeniya. A 2001 Nijeriya da Sin suka sa hannu a kan yarjejeniyar kare jarin juna, wadda ta ba mai zuba jari daga ɗaya ƙasar damar kai gwamnatin ɗayar gaban masu sasanci idan aka ƙwace masa jari. Kamfanin ya shiga harkar yankin ciniki na musamman da ke Igbesa a Jihar Ogun, da yarjejeniyoyin 2010 da 2013. A 2016 gwamnatin jihar ta raba gari da shi, aka kore shi daga wurin. Maimakon ya tsaya a kan Ogun, sai ya kai Tarayyar Nijeriya gaban kwamitin sasanci a Landan a 2018. A watan Maris na 2021 kwamitin, ƙarƙashin Neuberger, tsohon shugaban Kotun Ƙolin Birtaniya, ya yanke masa diyyar dala miliyan 55.6, wadda da kuɗin ruwa da na shari'a ta kai kimanin dala miliyan 70.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Abuja da laifin Abekuta? Amsar kuma al'ada ce. A idon dokar duniya Nijeriya mutum ɗaya ce, ba ta san jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 ba. Duk abin da wata gaɓa ta hukuma ta aikata, gwamna ne ko ɗan sanda ko shugaban ƙaramar hukuma, a kan ƙasa ake rubuta shi, kamar yadda sashe na 4 na ƙa'idojin alhakin ƙasashe na 2001 ya tattara. Sai yarjejeniya ta biyu ta shigo: tun 1970 muke cikin Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta wajabta wa ƙasashe zartar da hukuncin masu sasanci. Dokokin Birtaniya da Amurka kuma sun ce ƙasar da ta amince a rubuce da zuwa sasanci ta ajiye rigarta game da wannan sasancin. Da wannan ne kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta yi watsi da hujjarmu ranar 9 ga Agusta, 2024, da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya. A nan ba za mu ce Turawa sun sauya al'ada a bayan idonmu ba, da hannunmu muka sa hannu.

Wasu lauyoyinmu sukan ruɗe da sashe na 12 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ce babu yarjejeniyar da za ta yi aiki a matsayin doka a Nijeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Abacha da Fawehinmi a shekarar 2000. Wannan gaskiya ne, amma a cikin gida kawai. Alƙalin Babbar Kotu a Funtuwa zai iya ƙin aiki da yarjejeniyar da majalisa ba ta karɓa ba, amma mai sasanci a Landan ba ruwansa da sashe na 12, shi sashe na 27 na Yarjejeniyar Biyana zai karanta mana. Sakamakon shi ne ƙasa tana iya ɗaukar wajibin da kotunanta ba su san da shi ba, 'yan majalisarta ba su taɓa karanta shi ba, kuma gwamnonin da za su iya karya shi ba su ma ji labarinsa ba.

Sauran kariyar da ta rage mai ƙarfi ita ce ta dukiya. Samun hukunci a kan ƙasa daban, kama kayanta daban. Ko an ci ƙasa a shari'a, ba a taɓa ginin ofishin jakadancinta da asusunsa, ko kayan sojanta, sai dukiyar da take amfani da ita don kasuwanci, ko wadda ta yarda da bakinta a kama. Abin mamaki, dokar Birtaniya ta 1978 da ta biyo bayan shari'ar siminti ta ba dukiyar manyan bankunan ƙasashe kariya ta musamman, ta yadda kuɗin da aka tsare mana a 1975 da wuya a iya tsare irinsa bayan dokar. Shi ya sa masu bin bashi suke farautar abin da ke gefe, irin gidaje biyu na gwamnatinmu a Liverpool da kotun Ingila ta ɗora wa bashin Zhongshan a 2024, da jiragen da suka je gyara. A kan jiragen Nijeriya tana da hujja mai ƙarfi cewa kayan mulki ne, kamfanin ma ya saki ɗaya bayan 'yan kwanaki. Amma kafin a saurari hujjar, duniya ta riga ta sha kallo.

Yanzu mu dawo gida. A ce gobe wata gwamnatin jiha ta kawo kamfanin waje ya kafa masana'antar sarrafa farar ƙasa a Ƙanƙara, ko ta gurzar auduga da masara tsakanin Faskari da Sabuwa. An ba shi fili, an yi masa alkawarin sassaucin haraji na shekara 20, an yanka kintinkiri. Bayan zaɓe sabuwar gwamnati ta zo ta ce kwangilar ta 'yan adawa ce, ta soke takardar filin, ta tura 'yan sanda su rufe ƙofa. Tambayar farko da lauyan kamfanin zai yi ita ce, a wace ƙasa aka yi wa kamfanin rajista, kuma akwai yarjejeniyar kare jari tsakaninta da Nijeriya? In akwai, ba zai ɓata lokaci a kotun Katsina ba. Za a lissafa masa abin da ya kashe, a ƙara da ribar da zai samu a sauran shekarun, da dala, da kuɗin ruwa. Wanda ya soke kwangilar yana iya barin mulki kafin hukunci ya fito, domin a shari'ar Ogun shekara biyar ce tsakanin kora da hukunci, wasu uku kuma kafin a kai ga jirage. Mai biya shi ne manomin da bai taɓa ganin takardar ba.

Saboda haka akwai abubuwan da nake ganin sun zama dole. Na farko, kada wata jiha ta sa hannu a kan kwangila da kamfanin waje, ko ta soke ta, sai ofishin Antoni Janar na Tarayya ya duba wace yarjejeniya ce ta rufe wannan kamfani, kuma a yi doka cewa jihar da ta jawo diyya daga kasonta na wata-wata za a cire. Haka nan a riƙa karanta sharaɗin ajiye kariya da idon basira. A 2020 Majalisar Wakilai ta tayar da ƙura a kan irin wannan sharaɗi a takardun bashin Sin, har aka kira Ministan Sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ana cewa an sayar da 'yancin ƙasa. Ba a sayar da ƙasa ba, domin babu mai ba ka rance ba tare da hanyar kai ka ƙara ba. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, an ajiye kariyar shari'a ce kawai ko har da ta dukiya, kuma wace dukiya aka keɓe?

Na biyu, lokaci ya yi da Nijeriya za ta yi dokarta a kan kariyar ƙasashen waje. Dokar da muke da ita ta 1962 ta jakadu ce da ƙungiyoyin duniya, alƙalanmu kuma suna lalube ne cikin hukunce-hukuncen da aka gada daga Ingila. Afirka ta Kudu ta yi tata tun 1981. Rashin dokar yana cutar da ɗan kwangilarmu da ya yi wa wata gwamnatin waje aiki ta hana shi kuɗinsa, domin bai san ko kotun ƙasarsa za ta saurare shi ba. Bayan haka, dokokin ƙasashe da hukuncin kotunansu su ne tubalin da ake gina al'ada da shi, ƙasar da ba ta ajiye nata ba sai ta zauna a ginin wasu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniya a kan wannan batu a watan Disamba na 2004, wadda take buƙatar ƙasashe 30 kafin ta fara aiki, har ta cika shekara 20 ba ta samu adadin ba, kuma babu Nijeriya a cikin waɗanda suka sa mata hannu a lokacin da aka buɗe ta. Duk da haka kotuna suna ɗaukar sassanta da dama a matsayin hoton al'ada, wato tana iya aiki a kanmu ta bayan gida. Gara mu karanta ta, mu faɗi inda muka yarda da inda muka ƙi.

Na ƙarshe, mu tuna da yadda muka tsira daga bashi mafi girma da aka taɓa ɗora mana ta wannan hanya. Kamfanin P&ID ya samu hukuncin dala biliyan 6.6 a 2017 a kan kwangilar iskar gas ta 2010, kuɗin ruwa ya kai shi wajen dala biliyan 11. Abin da ya rushe hukuncin a Landan a watan Oktoba na 2023 shi ne hujjar cewa an samu kwangilar da cin hanci, an kuma yi maguɗi a wajen sasancin. Takardu da shaidu ne suka cece mu, bayan shekaru ana bincike, rigar kariya ba ta taka rawa a wannan nasara ba. Mai son kare dukiyar ƙasa sai ya tsaya tun ranar da ake rubuta kwangila, ya tambayi wa ya tsara ta, wa ya duba ta, a ina za a yi shari'a idan an saɓa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon karanta abin da suke sa wa hannu da sunanmu, amin.